Direban Maman 'Yan Biyu

Shafin intanet ɗin ya kammala, saura wuri ɗaya. An sa jerin abinci, an sa hotunan kuloli a jere kan tebur, an sa wurin da mutum zai danna ya yi oda. Ƙarƙashin kan da aka rubuta "Game da Mu" ne kawai babu ko harafi.

Mai haɗa shafin ta zo da kwamfutarta, ta ɗora a kan firiza a kicin ɗin bayan gida, inda da can garejin mota ne. Ta ce sakin layi ɗaya take so, gajere, domin a waya mutane za su karanta.

"Wanda zai ba ku abincin taronsa bai ɗanɗana girkinku ba," in ji ta. "Abin da yake so ya sani shi ne su wa za su dafa, a ina, kuma wa zai shigo masa da shi. Ku faɗa masa kamar yana tsaye a bakin ƙofar nan."

Maman 'Yan Biyu, mai sana'ar, ta goge hannu a zaninta ta dubi mijinta. "Ga marubuci a gida. Sakatare, aikinka ya samu."

Sakatare ake kiransa tun lokacin da yake rubuta bayanan taro a wani kamfanin sufuri. Kamfanin ya rufe sashensu shekaru biyu da suka wuce, sunan kuma ya zauna. Tun daga lokacin shi ne ke zuwa kasuwa, shi ke loda kuloli a mota, shi ke kaiwa, ya jera, ya jira a gama ya kwaso ya wanke. Unguwa ta san haka. Wanda bai sani ba shi ne yayansa, da ke can ɗaya gefen gari. Yaya ne ya ɗauki nauyin karatunsa, shi ya nema masa aikin, kuma har yanzu idan zai gabatar da shi ga baƙi cewa yake, "Ƙanena, sakataren kamfani." Da farko Sakatare ya ce zai gaya masa idan ya sami wani aikin. Aikin bai zo ba, maganar kuma kullum ƙara nauyi take yi.

Washegari ya kawo abin da ya rubuta. Ya karanta a tsaye, da muryar da yake karanta bayanan taro:

"Mu kamfani ne da ya ƙware wajen samar da abinci mai inganci ga kowane irin taro. Muna da ƙwararrun ma'aikata da tawagar direbobi masu kiyaye lokaci. Gamsuwar abokan hulɗarmu ita ce burinmu."

Goggo, ƙanwar mahaifin Maman 'Yan Biyu, wadda ke riƙe da ɓangaren miya, ta ajiye ludayi. "Tawagar me?"

"Direbobi, Goggo."

"Ikon Allah. Ashe muna da tawaga ni nake tallabo kula da wannan bayan nawa? Ka kira su, su zo su gaishe ni."

Mai haɗa shafin ba ta yi dariya ba. Ta juyo da kwamfutar ta buɗe masa shafukan wasu masu irin sana'ar guda uku. Duka ukun ƙwararru ne, duka ukun gamsuwar abokan hulɗa ce burinsu.

"Yallaɓai, rubutun ya yi tsafta, amma babu kowa a cikinsa. Idan na cire sunanku na sa na wani, ba wanda zai gane. Kada ka ce ku amintattu ne. Faɗi abin da kuke yi, mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Kuma duk abin da ka rubuta ya zama wanda in an zo za a tarar."

Ya ji zafin maganar, musamman da ta fito daga bakin wadda ya girme wa nesa ba kusa ba. Amma ya san rubutu, ya kuma gane tana da gaskiya. Ya zauna a kan benci a bakin kicin ya sake. Wannan karon ya fito haka:

"Ni ce Maman 'Yan Biyu. A kicin ɗin bayan gidanmu nake girki, ni da goggona, wadda ta fi ni sanin miya kuma ba ta bari in manta. Muna dafa wa ofisoshi da ƙananan taruka, kuma ba ma karɓar taro biyu a rana ɗaya. Duk abin da za ku ci, a ranar aka dafa shi. Idan akwai wanda ba ya cin wani abu a cikinku, ku gaya mana, za mu ware masa nasa. Direbanmu yana tare da mu tun ranar farko. Shi ke loda abincin, shi zai kawo muku, shi zai jera, kuma ba zai tafi ba sai kowa ya samu. Ga lambarsa, ga tawa."

"Yauwa," in ji mai haɗa shafin. "Wannan mutane ne."

Goggo ta sa aka maimaita mata wurin miyar. Maman 'Yan Biyu ta karɓi takardar ta karanta da kanta, ta daɗe a layukan ƙarshe.

"Direbanmu," ta ce.

"Ai tuƙi nake yi. Ƙarya na yi?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba, Baban 'Yan Biyu."

Ta miƙa masa takardar ta koma kan albasarta. Da aka zo ɗaukar hoton da za a sa a saman rubutun, ya ce shi zai riƙe wayar, domin ya fi kowa iya ɗauka. Hoton ya yi kyau: mata biyu a gaban tukwane, suna dariya. Lambar direban kuwa layin sana'a ne, wanda ke cikin wata ƙaramar waya a aljihunsa na hagu.

Rubutun ya yi aiki. Wata mata daga wani ofishin lauyoyi ta kira ta ce maganar taro ɗaya a rana ce ta sa ta zaɓe su. Wani ya tambayi lafiyar Goggo kafin ya tambayi abinci. Sakatare ya riƙa buɗe shafin a waya yana sake karantawa, yana jin irin daɗin da ya manta da shi tun barinsa ofis.

Ranar wata Lahadi suka kai ziyara gidan Yaya. Sakatare ya sa kayansa masu kyau kamar kullum. Suna zaune a falo Yaya ya ɗauko waya, ya ɗaga gilashin idonsa sama.

"Matar ƙanena, ashe kin shiga intanet ba ki gaya mana ba? A ofis aka nuna mini. Na ce wannan ai gidanmu ne. Wa ya rubuta?"

"Ga shi nan kusa da kai, Yaya."

"Na sani! Hannun sakatare ba ya ɓuya." Ya bugi kafaɗar ƙanensa. "To ku saurara. Muna da taron bita ranar Alhamis, na ce ku za a ba. Amma da sharaɗi, ku turo mini wannan direban. Mutumin da ya tsaya da ku tun ranar farko, a wannan zamanin? Ina so in gan shi da idona. Kai kana can ofis, shi ke riƙe maka da gida. Bari ma in kira shi yanzu."

Ƙaramar wayar ba ta ƙara, girgiza kawai take yi. Sakatare ya ji ta a cinyarsa. Ya ɗora hannu a kan aljihun ya danne, yana kallon labulen taga, har ta yi shiru.

"Ba ya ɗauka," in ji Yaya.

"Lahadi ce," in ji Sakatare. "Yana hutu."

Maman 'Yan Biyu ta tashi ta ce za ta leƙa matar Yaya a kicin.

A mota, da suka kusa gida, Maman 'Yan Biyu ta juyo ta dubi mijinta. 'Yan biyun sun yi barci a baya.

"Wa zai kai abincin Alhamis?"

"Zan san yadda zan yi."

"An rubuta wanda ya loda shi zai kawo. Da sunana aka rubuta, da hotona a sama. Ni dai abin da na sani ke nan."

Ranar Laraba Sakatare ya tafi wurin Dogo, maƙwabcinsu mai tasi. Ya tarar da shi yana wanke mota. Ya yi ta zagaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi: Dogo zai shiga da abincin, ya jera, ya gaisa da wani babban mutum, ya ce shi ne direban.

Dogo ya matse soso. "To ni direba ne dama, wannan ba matsala. Amma kai fa, ina za ka kasance?"

"A waje."

"A waje kana me?"

"Ina jira."

Dogo ya dube shi daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "Allah ya kyauta. Koya mini."

A kicin Sakatare ya koya masa. Faranti da cokula a farkon tebur, shinkafa, sannan miya, nama a ƙarshe don kada na gaba su cinye wa na baya. Kular mai jan ƙyalle ta mutum biyu ce da ba sa cin yaji, a ajiye ta gefe. Kada a buɗe murfi sai an fito daga taro, abinci zai huce. Goggo tana zaune tana kallo.

"Tawagar ce ta fara isowa?" ta tambaya.

Ranar Alhamis Sakatare ya loda da kansa, ya tuƙa har layin da ke bayan ofishin Yaya, ya sauka, Dogo ya koma mazaunin direba. Shi kuwa Sakatare ya sami rumfar wani mai gyaran takalma ya zauna a kan benci. Mai gyaran ya dubi takalmansa bai ga abin gyara ba, bai kuma tambaya ba. Daga nan ana hango ƙofar ofishin. Sakatare ya ga Dogo ya ɗauki kula biyu a lokaci guda, ya karkatar da ta miya. Ya miƙe tsaye, ya sake zama. Rana ta juya ta shigo rumfar. Ya matsa, ta bi shi.

Bayan la'asar Dogo ya dawo da motar, baki har kunne. A kujerar gefe akwai babbar leda.

"Komai ya tafi daidai. Yayan nan naka mutum ne! Tsayar da ni ya yi a gaban mutane, ya ce ku dubi wannan, irinsa sun yi ƙaranci. Har tafi aka yi mini. Ya ce ruwa ko rana ban taɓa makara ba, wai matarka ce ta gaya masa. Na ce ai Yallaɓai aiki amana ne." Ya yi dariya. "Ya ce in riƙa kula masa da ƙanensa, wai kai ɗan ofis ne, ba ka san wahala ba."

Sakatare ya buɗe ledar. Riguna ne da wanduna na Yaya, an wanke an goge, a samansu wata kwat mai ruwan toka. Ya san ta. Ita Yaya ya ara masa ranar da ya je ganawar neman aikin kamfanin.

"To yanzu kayan nan," in ji Dogo, "nawa ne ko naka? Don gaskiya hannun kwat ɗin ya yi mini gajere."

"Kai aka ba."

"Ka tabbata? Kai ne fa ba ka taɓa makara ba."

"Tuƙa mu tafi, Dogo."

Kafin su isa gida hoton ya riga su. Yaya ya ɗauka da Dogo a gaban teburin abinci, hannunsa a kafaɗarsa, ya tura wa Maman 'Yan Biyu ya ce a sa a shafin. Ita kuma ta tura wa mai haɗa shafin ba tare da ta ƙara ko kalma ba. Suna sauke kuloli mai haɗa shafin ta kira, Maman 'Yan Biyu ta sa wayar a lasifika ta ajiye a kan firiza.

"Anti, wannan hoton zai taimaka sosai. Dama abin da ya rage ke nan. An yi maganar direba amma ba a gan shi ba, kuma shi ne mai shiga wa mutane ofis. In sa shi a ƙarƙashin rubutun? Me zan rubuta a ƙasansa?"

Maman 'Yan Biyu ta dubi mijinta. "Ga marubucin, tambaye shi."

Sakatare yana riƙe da murfin kula. Ya ci gaba da goge shi.

"Zan kira ki," in ji Maman 'Yan Biyu, ta kashe.

Goggo ta ɗauki mayafinta ta ce za ta je ta duba yara, ko da yake muryarsu na tashi daga tsakar gida lafiya lau.

"Idan aka sa hoton nan," in ji Maman 'Yan Biyu, "duk wanda ya yi oda Dogo zai jira. Kai ka shigo da kula, su ce ba kai ba ne a hoto. Ko kullum za ka riƙa zama a rumfar mai takalma?"

"Wa ya gaya miki?"

"Dogo ba ya riƙe magana ko ta minti ɗaya." Ta buɗe famfo, ta rufe. "Ni ban taɓa jin kunyar ka ɗauki kulata ba. Ranar Lahadi da Yaya ya same ni a kicin ya tambaye ni halin direba, ban ƙirƙiri komai ba, halinka na faɗa masa. Yau an tafa wa wani a kai. Kuma ka karanta abin da ka rubuta da kyau. Mace da goggonta da direba. Wata mai oda da ta kira jiya daga wata makaranta cewa ta yi Allah ya ji ƙan maigidan."

Ya ajiye murfin. Ya so ya ce don Yaya ya yi, don kada ran Yaya ya ɓaci, amma ya riga ya gwada jimlar a zuciyarsa a rumfar mai takalma, kuma ko a can ba ta tsaya ba.

Ya wanke kulolin duka, ya kife su. Sannan ya zauna a kan bencin bakin kicin da takarda. Layi uku ne kawai za a canja, amma ya fi daɗewa a kansu fiye da dukan rubutun. Ya rubuta "maigidana, wanda ke kula da harkar sufuri", ya soke. Ya rubuta "tsohon sakatare", ya soke. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne:

"Mijina ne ke kawo abincin. Tun da aikinsa na ofis ya ƙare shekaru biyu da suka wuce muke wannan sana'a tare. Shi ke lodawa, shi zai kawo muku, shi zai jera, kuma ba zai tafi ba sai kowa ya samu."

Ya miƙa mata. Ta karanta.

"Maganar ofis ɗin ba dole ba ce," ta ce. "Masu oda ba ruwansu da ita."

"Akwai mai oda ɗaya da ke da ruwa."

"To shi ba a shafi ya kamata ya gani ba."

Da safe mai haɗa shafin ta zo ta ɗauki sabon hoto. Ta ce kada ya canja kaya, ya tsaya da rigar aikinsa, kula a hannu. Goggo ta ce ya saki fuska, ba hoton katin shaida ba ne. Bai iya ba, aka ɗauka haka. Mai haɗa shafin ta liƙa rubutun, ta nuna musu yadda zai fito a waya, ta ɗora yatsa a kan maɓalli.

"In sake shi?"

"Dakata," in ji Sakatare.

Ya ciro ƙaramar wayar daga aljihun hagu, ya fita tsakar gida. Kiran Yaya na ranar Lahadi yana nan a jerin waɗanda ba a ɗauka ba. Ya danna shi.

"Direba!" in ji Yaya. "Mutumin kirki. Kayan sun yi maka?"

"Yaya, ni ne."

Can ta bayan Yaya ana jin ƙarar injin buga takardu.

"Me kake yi da wayar direba?"

"Tawa ce. Tun farko tawa ce. Wanda ka gani jiya maƙwabcinmu ne, mai tasi. Ni nake kai abincin. Sun rufe sashenmu, Yaya, an daɗe."

Sakatare ya tsaya yana kallon igiyar shanya.

"Ranar Lahadi," in ji Yaya a hankali, "da na kira, tana ina?"

"A aljihuna."

"A falona."

"E, Yaya."

"Kuma ka bar ni na tsayar da mai tasi a gaban mutanen ofis ina yi masa kirari. Na ba shi kwat ɗina." Ya ja numfashi. "Shekara nawa ina tambayarka ya ofis, kana ce mini lafiya?"

Sakatare ya mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Ba zan yi wannan maganar a waya ba. Akwai sauran bita mako mai zuwa. Ka kawo abincin da kanka, ka shigo ta ƙofar gaba, ka same ni a ofis. Ni ma sai in san abin da zan gaya wa waɗanda suka yi tafi." Ya kashe ba sallama.

Sakatare ya koma kicin. Matan uku suka yi kamar ba su ji komai ba, alhali taga a buɗe take. Ya gyaɗa wa mai haɗa shafin kai, ta danna.

"Ya hau," ta ce.

Goggo ta miƙo masa kwandon kasuwa. "To, tawaga. Tumatir ya ƙare."

Ya karɓa ya fita. A bakin layi Dogo yana jingine da tasinsa cikin kwat mai ruwan toka, hannuwanta sun tsaya masa can sama da agogo. Ya ɗaga wa Sakatare hannu. Sakatare ya ɗaga masa, ya shiga mota.